Nawa Ne Kuɗin Kamfani? Lissafin Da Ke Fito Da Farashin Hannun Jari

A shekarar 2013, Michael Dell da kamfanin zuba jari na Silver Lake suka sayi kamfanin kwamfuta na Dell daga hannun masu hannun jarinsa, a kan dala 13.75 kowane hannu. Wasu masu jarin suka ce an yi musu tayin wulaƙanci, suka garzaya kotun Chancery ta jihar Delaware a Amurka domin alƙali ya faɗi ainihin darajar hannayensu. Kowane ɓangare ya kawo masani. Masanin masu ƙara ya ce hannu ɗaya ya kai dala 28.61. Masanin kamfani ya ce dala 12.68 ne. Idan aka haɗa hannayen kamfanin gaba ɗaya, tazarar da ke tsakanin mutanen biyu ta kai wajen dala biliyan 28, alhali hanya ɗaya suka bi wajen lissafi, wadda a rahotannin bankuna ake rubuta ta da haruffa uku, DCF.

Tushen hanyar ba sabo ba ne. Masanin tattalin arziki John Burr Williams ya shimfiɗa shi tun 1938: darajar kowace kadara ita ce kuɗin da za ta haifar nan gaba, bayan an rage musu ƙima gwargwadon nisan lokacin da za su shigo hannu. Ba ginin masana'anta ake saya ba, ba kuma sunanta ba. Abin da ake saya shi ne kuɗin da za ta riƙa fitarwa shekara bayan shekara.

Domin a ga yadda masana biyu za su rabu da nisa haka, ya fi kyau a bi lissafin da ƙafa. A ɗauki misalin wata masana'antar casar shinkafa, wadda aka ƙago domin bayani kawai. Ana sa ran baɗi za ta ci ribar naira miliyan 1,000 daga ainihin sana'arta, kafin a biya haraji, kafin kuma a biya kuɗin ruwan bashi. A cire haraji na kashi 30 cikin ɗari, saura miliyan 700. Daga nan sai a mayar da miliyan 150 da akawu ya riga ya cire da sunan tsufan injuna, domin wannan ragi ne na takarda, ko kwabo bai fita daga asusu ba. Sai a cire miliyan 250 da za a kashe da gaske wajen sayen sababbin injuna da faɗaɗa rumbu. Akwai kuma miliyan 100 da za su maƙale cikin ƙarin shinkafar da aka jibge lokacin kaka da bashin da ake bin dillalai. Abin da ya rage miliyan 500 ne.

Wannan miliyan 500 su ne kuɗin da suka kuɓuta, waɗanda za a iya kwashewa ba tare da an gurgunta sana'ar ba. Rabin ribar da aka fara da ita ke nan, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa, domin kamfani yana iya shelanta riba mai tsoka alhali injuna da rumbu sun haɗiye ta. Ba a cire kuɗin ruwan bashi ba, kuma da gangan ne. Kuɗin na kowa ne da ya zuba dukiya a kamfanin, masu hannun jari da masu bin bashi baki ɗaya. Rabon na nan tafe daga baya.

A ce an yi wannan hasashe na shekara biyar, ya ba da miliyan 500, 600, 700, 780 da 850. Ba a tara su haka nan, saboda naira ɗari ta baɗi ba ta kai naira ɗari ta yau ba. Wanda ya jira ya rasa abin da kuɗinsa za su haifa a wani wuri, ga hauhawar farashi, ga yiwuwar kuɗin ba su zo ba sam. Don haka ake neman ma'aunin ragi, wato matsakaicin abin da masu dukiya ke buƙata a shekara kafin su yarda su bar kuɗinsu a kamfanin, wanda a takardu ake rubuta shi WACC. A wannan misali, kashi 60 cikin ɗari na jarin daga masu hannun jari ya fito, kuma suna neman kashi 24 a shekara domin su ne na ƙarshe da ake biya. Sauran kashi 40 bashi ne da ake biya wa kashi 20, amma tunda ana cire kuɗin ruwa kafin a yanka haraji, ainihin nauyinsa kashi 14 ne. Idan aka auna biyun gwargwadon girmansu, ma'aunin ya tsaya a kashi 20.

Sai a raba kuɗin shekarar farko da 1.2, na shekara ta biyu da 1.2 sau biyu, haka har ta biyar. Miliyan 500 na baɗi sun koma 417 a yau. Miliyan 850 na shekara ta biyar sun sauko 342. Jimillar shekarun biyar ta zama miliyan 1,956.

Amma masana'anta ba ta rufe ƙofa a ƙarshen shekara ta biyar, kuma babu mai iya hasashen shekara hamsin ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa ake dunƙule duk shekarun da suka biyo baya cikin adadi guda, darajar ƙarshe. Ƙa'idar da aka fi amfani da ita, wadda ake jingina wa Myron Gordon, tana ɗauka cewa daga nan kuɗin za su riƙa ƙaruwa da kaso ɗaya da ba ya canzawa har abada:

```
TV = FCFF × (1 + g) / (WACC − g)
```

Ma'anarsa, a ɗauki kuɗin shekarar ƙarshe, a ƙara musu bunƙasar shekara ɗaya, sannan a raba da tazarar da ke tsakanin ma'aunin ragi da kason bunƙasa. Idan bunƙasar kashi 10 ce, miliyan 850 sun zama 935. Tazarar 20 da 10 kashi 10 ce, don haka darajar ƙarshe miliyan 9,350 ce. Wannan adadi yana zaune ne a shekara ta biyar, dole a dawo da shi yau kamar sauran, sai ya koma miliyan 3,758. Mantawa da wannan mataki kuskure ne da ke ninka darajar kamfani nan take. A haɗa da 1,956 na farko, darajar sana'ar gaba ɗaya ta zama miliyan 5,714.

Abin da ya kamata mai karatu ya tsaya a kansa shi ne, wajen kashi biyu cikin uku na wannan daraja daga darajar ƙarshe suka fito. Shekaru biyar da aka sha wahalar hasashensu dalla-dalla kashi ɗaya kawai suka bayar. Mafi yawan farashin ya rataya ne a kan lambobi biyu da mai lissafi ya zaɓa da kansa.

Miliyan 5,714 ba rabon masu hannun jari ba ne tukuna. Kamar rabon gado ne, sai an biya bashin da ke kan dukiya kafin magada su san nasu. Masana'antar tana da bashin miliyan 2,300, sai a cire. Ko da murabaha ko sukuk aka karɓi kuɗin, muddin wajibi ne a biya, a nan ake cire su. Haka ma haƙƙin fansho na ma'aikata da ba a tanada ba, da rabon wasu mutane a ƙananan kamfanonin da ke ƙarƙashinta. A ɗaya hannun, tana da miliyan 300 ajiye a banki waɗanda sana'ar ba ta buƙata, kuma ba su shiga hasashen ba, sai a ƙara su. Rabon masu hannun jari ya zama miliyan 3,714. Hannayen da ke kasuwa miliyan 1,000 ne, amma an yi wa manyan ma'aikata alkawarin kyautar wasu miliyan 50, su ma za su ci daga akushin. A raba da 1,050, kowane hannu ya tashi naira 3.54.

Yanzu a taɓa lamba ɗaya. Idan aka ce bunƙasar har abada kashi 12 ce maimakon 10, hannu ya koma naira 4.51. Idan aka bar bunƙasar a 10 aka ɗaga ma'aunin ragi zuwa kashi 22, ya faɗo naira 2.62. Masana'antar ba ta casa ƙarin buhu ko ɗaya ba. Kuma hannun jari ya fi sana'ar kanta girgiza: a canjin farko darajar sana'a ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari, ta hannu kuwa da wajen 28, domin bashi yana nan yadda yake, duk ƙari ko ragi a kan masu jari yake sauka.

Akwai alamun da ke tona lissafin da aka yi wa kwaskwarima. Bunƙasar har abada ba za ta wuce ta tattalin arzikin ƙasa ba, idan an haɗa da hauhawar farashi, domin kamfanin da ya wuce ta har abada wata rana zai fi ƙasar girma. Bunƙasa kuma ba ta zuwa kyauta, don haka idan kuɗin sababbin injuna a shekarar ƙarshe sun yi ƙasa da tsufan injuna, amma ana da'awar ci gaba, an kumbura adadin. Wanda ya fi shafar masu jari a Najeriya shi ne gauraya kuɗaɗe: a yi hasashe da naira mai ɗauke da hauhawar farashi, sannan a rage ta da ma'aunin dala na kashi 9 ko 10. Sakamakon yana da daɗin gani, amma ba shi da tushe. Kuɗin da aka yi hasashe da su, da su ake gina ma'aunin.

A shari'ar Dell, alƙali Travis Laster ya gyara lissafin ɓangarorin biyu, ya yanke dala 17.62 a 2016. A watan Disamba na 2017 Kotun Ƙolin Delaware ta rushe hukuncin, tana mai cewa farashin da aka cimma a cinikin ya cancanci a ba shi nauyi mai yawa, tunda an buɗe ƙofa ga sauran masu saye kuma ba wanda ya biya fiye da haka. Wannan bai kashe hanyar ba. Bankunan da ke ba hukumomin kamfanoni shawara a manyan cinikayya suna amfani da ita har yau, sai dai iyaka biyu suke bayarwa, mafi ƙanƙanta da mafi yawa, suna kuma gwada ta da farashin kamfanoni makamanta. Ƙarfinta shi ne tana tilasta wa mai magana ya rubuta zatonsa a fili, inda za a iya ƙalubalantarsa.

Duk wanda dillali ya miƙa wa rahoto mai cewa hannun wani kamfani ya kai naira kaza, ya nemi a nuna masa ma'aunin ragin da aka ɗauka, da kason bunƙasar har abada, da yawan abin da darajar ƙarshe ta ɗauke a cikin jimillar, da bashin da aka cire. Idan rahoton bai nuna waɗannan ba, kada ya zuba kuɗinsa a kan wannan adadi.