Alat Ba Lissafi Ba Ne

Minti goma suka ba ni bayan la'asar, a ajin wata makarantar firamare da ƙungiyar ke aro ranar Lahadin ƙarshen wata. Mutum arba'in ne, yawancinsu masu ɗinki da masu sayar da hatsi, kowa na zuba naira 5,000 a wata cikin asusun ƙungiya da ke banki, daga ciki ake ba mabuƙaci rance. Na fara da tambayar yaushe rabon su da karɓar takardar bayanin asusu, wadda ake kira sitatimen. Ma'aji ya ɗaga wayarsa ya nuna mini, wai ai duk alat na shigo masa.

A nan matsalar take. Alat labarin ciniki ɗaya yake ba ka, kuma ba kowane ƙaramin caji ake turo wa saƙo ba. Wani ya ɓace a hanya in babu sabis, wani kuma na bogi ne, ɗan damfara ya tsara shi kamar daga banki ya fito. Sitatimen kuwa yana jera duk abin da ya shiga da duk abin da ya fita, da rana, da abin da ya rage bayan kowane layi. Jadawalin caje-caje na Babban Bankin Nijeriya, CBN, wanda ya fara aiki a Janairun 2020, ya ce na wata-wata kyauta ne. Wanda ka je ka roƙa a buga maka na musamman shi ake caja, bai wuce naira 20 kowane shafi ba.

Da yake an riga an ciro na watan da ya gabata bisa roƙona, sai muka shimfiɗa shi kusa da littafin sakatare. A shekarar 2025 ne wannan. Littafi ya ce an shiga wata da naira 850,000, zubi ya kawo 200,000, an tura wa mutum uku rancen 100,000 kowanne. Ke nan ya kamata a tarar da 750,000. Takardar banki ta ce 743,941.75. Giɓin naira 6,058.25 ne, nan take aji ya ɗauki guna-guni, idanu suka koma kan ma'aji.

Na ce 'yan uwa a yi haƙuri, kada a tuhumi kowa sai an ware cajin halal tukuna. A jadawalin nan, tura kuɗi ta waya ko intanet naira 10 ne in bai wuce 5,000 ba, naira 25 har zuwa 50,000, naira 50 in ya haura haka, sai a ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Shi ya sa kuke ganin 53.75, kuma sau uku ya zama 161.25. Sai kuɗin kula da asusu, wanda asusun karent kaɗai ke biya, ban da na ajiya: iyakarsa naira ɗaya a kan kowace dubu da kuka fitar. A kan 300,000 ya zama naira 300, da harajinsa 322.50. Saƙonnin alat 42 a kan naira 6 kowanne, 252. Jimla 735.75. Wannan banki bai ci ku ba, sakatare ne ya kamata ya buɗe masa layi a littafi, domin in ba a rubuta shi wata-wata, a ƙarshen shekara sai ya taru ya yi kama da sata.

Saura 5,322.50 da ba su da uba. Muka bi layi-layi da biro, mutum ɗaya na karanta takarda, ɗaya na yin alama a littafi. Naira 322.50 ta fito da sauri: an cire kuɗin kula da asusu ranar ƙarshen wata, an sake cire shi washegari, adadi ɗaya, bayani ɗaya. Haka cajin kuskure ya fi bayyana, tagwaye. Wata alamar ita ce adadin da bai dace da lissafinsa ba, ko cajin da bai shafi irin asusunku ba.

Dubu biyar ɗin ce ta fi ɗaukar lokaci. Littafi na da suna arba'in, takarda na da shigowar kuɗi 39. Wata baiwar Allah mai ɗinki ta ba mai POS kuɗi a hannu, ya ba ta rasit, ta nuna wa sakatare, ya rubuta ta biya. Kuɗin bai taɓa isowa ba. Na ce mata, Hajiya, wannan ba bankin ƙungiya za a bi ba, domin ba ta wajensu kuɗin ya fita ba. Wurin mai POS za ki koma da rasit, shi ne zai shigar da ƙorafi inda na'urarsa take da rajista, in ma kuɗin bai riga ya dawo masa ba tare da ya lura ba. Da ta wayarta ta tura, bankinta za ta nema, ta ba su lambar nan mai alƙaluma 30 da ake kira Session ID. Ta ciro rasit ɗin daga jaka, rubutun ya fara dusashewa. Takardar na'urar haka take, zafi da rana na cinye tawadarta. Da sai taron shekara aka gano, da farar takarda za ta kai, mai POS ɗin ma wataƙila ya tashi daga bakin kasuwa. Ni a ganina wannan ya fi komai nuna amfanin dubawa kowane wata: ba haƙƙin ne ke saurin mutuwa ba, shaidar ce. Duk wanda ya biya ta POS ya ɗauki hoton rasit tun a wurin.

Batun cajin da aka maimaita kuwa, na hana su zuwa su yi ta surutu a gaban kanta. A rubuta wasiƙa gajeriya zuwa ga manajan reshe, da lambar asusu, da ranakun biyu, da adadin, da abin da ake so, wato a mayar da 322.50. Masu sa hannu a asusun su sa hannu, a haɗa da kwafin shafin da aka ja wa layi. A yi kwafi biyu, su buga hatimi a ɗaya ku dawo da shi, ku kuma karɓi lambar ƙorafi. Wannan lamba da hatimin su ne hujjarku in lokaci ya ja ba a gyara ba, kuka kai maganar Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na CBN, domin su ma abin da za su fara tambaya shi ne ko kun kai wa bankinku tukuna.

Wani dattijo ya ce kuɗin adaidaita zuwa banki ya fi abin da za a karɓo. Gaskiyarsa, kuma ban ce a yi tafiya ta musamman ba, a haɗa da ranar da ma'aji zai je. Amma kuskuren da na'ura ta yi a watan nan tana iya maimaita shi a wata mai zuwa, kuma idon da ya saba tsallake ɗari uku shi zai tsallake dubu talatin.

Na ƙara da abu biyu kafin lokacina ya cika. Farashin nan yana canzawa: alat naira 4 ne kafin 2025, harajin gwamnati na naira 50 a kan turin da ya kai 10,000 kuma a lokacin mai karɓa ke biya, daga Janairun 2026 ya koma kan mai turawa. Don haka in sabon caji ya bayyana, a nemi banki ya nuna shi a rubuce kafin a kira shi kuskure. Na biyu, kada ma'aji ya duba kansa da kansa. Aka zaɓi mutum biyu da ba sa sa hannu a asusun, su riƙa wannan aikin a makon farko na kowane wata, su karanta sakamakon a taro. Hajiya mai ɗinki ce ta fara ɗaga hannu.