Kafin Daftari Ya Hau Teburin Gwamna

Idan aka miƙa maka daftarin takardar shawara domin ka duba kafin ta wuce sama, fara da sakin layi na ƙarshe. A takardun da ake kai wa majalisar zartarwa, a nan ne mai takarda ke faɗin abin da yake roƙo a amince da shi. In ka karanta wurin ba ka gane abin da za a sa wa hannu ba, sauran shafukan ba za su ceci takardar ba.

Mu ɗauki misali daga ilimin bai-ɗaya. Dokar UBE ta 2004 ta ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin wannan fanni, amma jiha ba ta karɓar kasonta na ayyuka daga UBEC sai ta ajiye nata kuɗin daidai da shi. Jihohi da dama sun sha barin kasonsu a ajiye saboda rashin biyan wannan kuɗi. To, a ce wani jami'in SUBEB ya rubuta daftari a kan batun, ya rufe da cewa "ya kamata gwamnati ta duba yiwuwar ƙara ba ilimi kulawa." Babu wanda zai yi musun wannan magana, kuma babu wanda zai iya aiwatar da ita. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne a amince a saki naira kaza daga sashe kaza na kasafin bana, a zuba a asusun hukumar kafin wata kaza, domin a karɓo kason shekara kaza. Shawarar da ta tsaya da ƙafarta ita ce wadda Gwamna zai iya rubuta "na amince" ko "ban amince ba" a gefenta, kowa kuma ya san aikin da ya hau kansa gobe.

Wurin hujja ne aka fi yin tuntuɓe, domin daftari kan cika da alƙaluma har mai dubawa ya ɗauka an yi aiki. Jami'inmu zai iya kawo adadin yaran da ba sa zuwa makaranta a faɗin Nijeriya. Wannan adadi yana tayar da hankali, amma bai nuna cewa biyan wannan kuɗi ne mataki na gaba a wannan jiha ba. Hujjar da ta shafi roƙon ita ce takardar UBEC da ke nuna nawa ne ke jiran jihar, kuma na waɗanne shekaru. Sai ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, wadda za ta nuna ajujuwa nawa ne suka lalace, a waɗanne ƙananan hukumomi. Sai kuma tsarin ayyukan da za a yi da kuɗin, tunda UBEC tana neman ganinsa. Kowane adadi ka tambaye shi daga ina ya fito, na wace shekara ne. Ka kuma haɗa lissafin jadawali da kanka. Ba abin mamaki ba ne jimillar da ke cikin jadawali ta saɓa da wadda ke cikin roƙon, don an gyara ɗaya an manta ɗaya, kuma irin wannan kuskure kaɗai ya isa a mayar da fayil.

Ni na fi zargin daftarin da babu ko ja ɗaya a cikinsa. Kwamishinan kuɗi zai zauna a taron, kuma zai tambaya daga ina za a cire kuɗin alhali ga albashi. Wani zai ce a biya na shekara ɗaya tukuna. In takarda ba ta kawo wannan zaɓi ta faɗi dalilin ɗaukarsa ko barinsa ba, za a tayar da shi a zauren, lokacin da marubucin ba ya nan balle ya kare kansa.

Batun mai karatu kuwa, ka tuna Gwamna na da takardu da yawa a gabansa, kuma ba lallai ne ya san gajerun sunayen da ma'aikatan hukuma ke faɗa kullum ba. Tarihin ilimi tun daga UPE ta 1976 ba shi da wuri a shafin farko. Bayanin kwangila da jerin makarantu su koma rataye a baya, domin Babban Sakatare da daraktoci ne za su bi su dalla-dalla.

Idan za ka mayar da daftarin, kada ka tsaya ga rubuta "a gyara". Nuna layin da ke da matsala, ka faɗi takardar da za a nemo, da ofishin da take.