Matsala da Alkawari: Jimloli Biyu da Sabuwar Sana'a Ke Tsayawa a Kansu

Bayanin matsala gajeren rubutu ne da ke faɗin wa yake cikin wahala, wace wahala ce, a ina take samunsa, kuma nawa take ci masa. Alkawarin amfani kuwa shi ne abin da mai sana'a ya ce mai saye zai samu in ya biya kuɗinsa, maimakon ya ci gaba da hanyar da ya saba. Duk mai neman jari yakan ci karo da tambayoyin nan biyu, ko a banki ko a fam ɗin shirye-shiryen tallafi irin na Gidauniyar Tony Elumelu, wadda tun 2015 take ba matasan Afirka dala 5,000 na fara sana'a. Ma'aikatan kamfanin McKinsey biyu, Michael Lanning da Edward Michaels, su ake dangantawa da fito da batun alkawarin amfani a wata takarda ta 1988, daga baya Alexander Osterwalder ya yaɗa shi da littattafansa na 2010 da 2014.

Ma'aunin ingancin jimlolin biyu guda ne: a ce akwai abin da in ya faru zai nuna cewa ba gaskiya ba ne. Jimlar da ba yadda za a yi a ƙaryata ta ba ta faɗi komai ba, komai daɗinta a kunne. Cinikin tumatir daga Kano zuwa Legas ya isa misali.

A lokacin rani tumatir na fitowa da yawa daga gonakin Kadawa da Kura, waɗanda ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, a tara shi a kasuwanni irin su Kwanar Gafan, a loda a manyan motoci zuwa kasuwar Mil 12 ta Legas, tafiyar kimanin kilomita 1,000. An saba zuba shi a kwanduna, a jera wani bisa wani. Nauyin na sama yana danne na ƙasa, tsinin kaba yana huda fatar tumatirin, zafi da jijjigar hanya su ƙarasa sauran. Matashin da ke son kafa sana'ar ba da hayar kiret ɗin roba, wanda ake jerawa ba tare da na sama ya taɓa kayan da ke na ƙasa ba, yakan fara da rubuta wani abu kamar haka: "Manoma a Najeriya suna tafka asara saboda rashin kayan zamani."

Ba mai musun wannan magana, kuma nan ne aibinta yake. "Manoma" ya haɗa mai gero a Gumel da mai rogo a Binuwai. "Asara" ba ta da adadi. Mafi muni shi ne "rashin kayan zamani", domin maganin ne aka ɓoye a cikin rigar matsala. Wanda ya rubuta cewa matsalar ita ce rashin kiret ya riga ya yanke hukunci kafin a saurari shaida, ba zai kuma lura ba in ainihin ciwon yana wajen jinkiri ne a shingayen hanya ko lalacewar mota.

Gyara na farko shi ne gano wanda asarar take faɗa wa a aljihu. Manomin da ya sayar a bakin gona ya karɓi kuɗinsa, ruɓewar da za a yi a Jebba ko Ogbomoso ba ta shafe shi ba. Direba kuɗin mota yake karɓa, ko kaya sun isa lafiya ko sun zama ruwa. Ɗan kasuwar da ya sayi kayan ya yi lodinsu, shi ke kwana da zullumi. Idan shi ne, to shi za a rubuta, kuma shi za a je a tambaya.

Tambayar ma tana da ladabinta. Rob Fitzpatrick, a wani ɗan littafi da ya fitar a 2013, ya nuna cewa mutane kan yaba wa shawarar sana'a don kada su ɓata wa mai ita rai. A ƙasar da kara da kunya suke da ƙarfi, abin ya fi haka. Dattijon ɗan kasuwa da yaro ya zo masa da kiret a hannu yana tambaya, "Baba, da za ka yi amfani da wannan?" zai ce masa, "Kai, madalla, Allah ya sa albarka." Wannan addu'a ce, ba ciniki ba. Tambayar da ke da amfani ita ce wadda ta shafi abin da ya riga ya wuce: lodin ƙarshe kwando nawa ne, nawa aka sayar a cikakken farashi, nawa aka karyar, me aka taɓa gwadawa don rage ɓarnar, nawa aka kashe a kai. Wanda bai taɓa kashe ko sisi ba don kauce wa wata matsala, da wuya ya fara biya yanzu.

A ƙaddara cewa bayan hira da 'yan kasuwa 20 an samu alƙaluma, waɗanda a nan na misali ne kawai. Sai bayanin ya koma haka: "'Yan kasuwar da ke lodin tumatir a kwando daga Kwanar Gafan zuwa Mil 12 tsakanin Janairu da Afrilu suna iske kusan kashi ɗaya cikin biyar na kayansu ya farfashe, suna sayar da shi a rabin farashi. A mota mai kwando 400, in kwando yana naira 20,000, asarar ta kai naira 800,000 a kowace tafiya." Kowane yanki na wannan magana ana iya binsa. Mutum zai iya tsayawa wajen sauke kaya a Legas ya ƙirga. In ya tarar fasasshen bai wuce ɗaya cikin ashirin ba, bayanin ya faɗi, kuma ya faɗi da arha, tun ba a sayi kiret ko ɗaya ba. A lura kuma ba a ambaci kiret a cikinsa ba sam.

Daga nan ne alkawarin amfani yake fitowa, kuma dole ya amsa wannan adadin da aka ambata, ba wani abu dabam ba. "Kiret mai inganci a farashi mai rahusa" siffar kaya ce, kowane mai talla zai faɗi haka. Geoffrey Moore, a littafinsa na 1991, ya ba da tsarin da har yau ake bi: a faɗi wa aka yi wa abin, me yake buƙata, me zai samu, da kuma inda ya bambanta da abin da yake amfani da shi yanzu. A wannan misali zai zama: "Ga ɗan kasuwar da ke lodi daga Kwanar Gafan zuwa Mil 12, hayar kiret a naira 400 kowace tafiya za ta rage fasasshen tumatir daga ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin ashirin, kuma mu ke da alhakin dawo da kiret ɗin Kano."

Wannan alkawari yana da lissafin da ɗan kasuwa zai yi a ka. In kiret biyu ne ke ɗaukar abin da kwando ɗaya ke ɗauka, kayan nan na buƙatar kiret 800, haya naira 320,000 ke nan. Asara ta sauko daga 800,000 zuwa 200,000, an tsira da 600,000, a cire haya saura 280,000 a hannunsa, ban da kuɗin kwandunan da bai saya ba. Amfanin rubuta lambobi shi ne suna nuna inda alkawarin zai karye. In ɓarnar ta tsaya a ɗaya cikin goma, ribar ta koma 80,000, wadda ba lallai ta sa mutum ya bar abin da ya gada ba. In kuma kasuwa ta cika farashi ya faɗo zuwa naira 10,000, abin da aka tsira da shi 300,000 ne, bai ma kai kuɗin hayar ba. Ashe alkawarin yana da ƙarfi ne lokacin tsada, yana da rauni lokacin da tumatir ya fi yawa, wato daidai lokacin da motoci suka fi tashi. Mai jimlar "rashin kayan zamani" ba zai taɓa ganin wannan ramin ba sai ya faɗa ciki.

A cikin alkawarin akwai zato uku da suka bambanta: cewa kiret zai rage ɓarna har haka, cewa ɗan kasuwa zai biya, da cewa kiret ɗin zai dawo. Kowanne da nasa gwajin. Na farko, a raba lodin mota ɗaya, rabi a kwando rabi a kiret, tumatir na gona ɗaya da aka cire rana ɗaya, a kuma cakuɗa wuraren ajiyarsu a cikin motar don kada wani ɓangare ya more inuwa ko gaban mota shi kaɗai. A auna da sikeli wajen lodi da wajen saukewa. Kwatanta motoci biyu dabam ba ya nuna komai, don wata na iya kwana a hanya wata ta wuce salin alin. Tafiya ɗaya ma ba ta isa ba, sai an maimaita.

Na biyu ana gwada shi da kuɗi, ba da baki ba. A nemi kafin alƙalami na tafiya mai zuwa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a rubuta ma'aunin nasara kafin a fita: misali, in biyar cikin 20 suka biya, a ci gaba, in ba su kai ba, a sake duba farashi ko mutanen da aka nufa. Wanda bai rubuta ba, in mutum biyu suka biya zai ce farawa ce mai kyau, in ba wanda ya biya zai ce ba a waye ba tukuna. Kyauta ma tana ruɗarwa: kowa zai karɓi kiret in ba a ce ya biya ba, kuma yawan masu karɓa ba ya faɗin komai game da naira 400.

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa, shi kuwa yake iya kashe sana'ar. Kwando ba ya buƙatar dawowa, kiret kuwa jari ne da sai ya yi tafiye-tafiye da yawa kafin ya biya kansa. Sai a sa wa kowanne lamba, a ƙirga nawa suka dawo Kano cikin mako biyu, da nawa aka kashe wajen dawo da su. Akwai kuma batun masu saye a Legas da suka saba yin tayi da kwando. In suka ƙi sanya wa kiret farashin da ya dace da nauyinsa, tumatirin ya isa lafiya amma kuɗin bai biyo shi ba.

Sakamakon gwaji yana komawa cikin jimlolin ne kai tsaye. In aka ga masu kai kaya manyan kantuna da otal-otal, inda ake biyan lafiyayyen tumatir da tsada, su ne suka ba da kafin alƙalami, sauran kuwa suka yi shiru, sai a taƙaita bayanin matsalar a kansu, a sake auna asararsu su kaɗai, a gyara farashin haya, a sanya sabon ma'auni da sabuwar ranar da za a duba shi.