Rubutun Tunawa da Dattijon da Ya Rasu

Rubutun tunawa da marigayi taƙaitaccen bayani ne da iyali ko wani makusanci ke yi a kan rayuwar dattijon da ya riga mu gidan gaskiya, domin 'yan'uwa da jikoki da mutanen gari su karanta, su san ko wane ne shi, su kuma yi masa addu'a. Ya bambanta da sanarwar rasuwa. Sanarwa aikin gaggawa ce, tunda a ƙasar Hausa ba a jinkirta jana'iza, kuma abin da ake bukata a cikinta bai wuce sunan mamaci da lokaci da wurin da za a sallace shi ba. Rubutun tunawa kuwa yana zuwa ne bayan an share makoki, hankali ya ɗan kwanta. Wasu gidajen kan fitar da shi bayan kwana uku na zaman karɓar gaisuwa, wasu ranar bakwai ko ta arba'in inda ake riƙe da wannan al'ada, wasu kuma sai shekara ta zagayo.

Tushen wannan rubutu shaida ce. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Anas ya nuna cewa an wuce da wata gawa, sahabbai suka yabe ta da alheri, Manzon Allah (SAW) ya tabbatar da yabon, ya kuma sanar da su cewa su ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Daga nan ne Bahaushe ya sami maganar da ake yawan ji a wurin makoki, cewa wane ya sami kyakkyawar shaida. Mai ba da shaida kuwa abin da ya gani ko ya tabbatar yake faɗa. Wannan shi ya raba rubutun tunawa da kirarin maroƙa, inda ake kambama mutum gwargwadon abin da ake sa ran samu. Addini ya hana zagin matattu, ya kuma hana kukan ƙeta da kururuwar da ke nuna rashin yarda da hukuncin Ubangiji. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu marubuci ke tafiya: ba ya tona aibu, ba ya kuma ƙirƙiro alherin da ba a yi ba.

Al'adar ba sabuwa ba ce. Malaman daular Sakkwato sun bar marsiyyoyi da yawa, kuma Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi fice a wannan fanni. Ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta kuma yi wa wasu matan da suka yi zama tare da ita waɗanda ba su riƙe wata sarauta ba. Abin lura a marsiyyoyinta shi ne yadda ta fi mai da hankali ga hali, kamar haƙuri da kyauta da tsoron Allah da kula da mabukata, fiye da muƙami. Mai rubutu a yau da zube yake yi, ba da waƙa ba, amma ma'aunin bai canza ba.

Yawanci ana buɗewa da istirja'i, wato Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, sannan a kawo cikakken sunan marigayi da na mahaifinsa, da laƙabin da aka san shi da shi, da sarautarsa idan yana da ita. Laƙabin yana da muhimmanci, domin akwai dattawan da unguwa guda ba ta san sunansu na yanka ba sai dai Malam Babba ko Alhaji na bakin kasuwa. A nan alkunya kan shigo. Ɗa ba ya son kiran sunan mahaifinsa gatsal, musamman ɗan fari. Hanyar da aka saba bi ita ce a rubuta sunan sau ɗaya a farko, cikakke, sannan a ci gaba da cewa Baba, ko Malam, ko marigayi.

Shekaru su ne wurin da aka fi yin kuskure. Dattawa da yawa ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, kuma shekarun da ke jikin takardun aiki ko na fasfon Hajji sau da yawa ƙiyasi ne. Iyali kuma suna da son ƙara wa tsoho shekaru, har a ji an ce ya haura ɗari alhali babu hujja. Akwai hanyar kusantar gaskiya. Tsofaffi kan danganta rayuwarsu da manyan abubuwan da suka faru, kuma waɗannan abubuwa suna da sanannun shekaru. Idan dattijo ya saba cewa ya fara azumi a shekarar da Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya rasu, to 1953 ke nan, sai a ƙiyasta haihuwarsa wajen ƙarshen shekarun 1930. Idan ya ce ya yi auren fari shekarar zuwan Sarauniya, to 1956 yake nufi. A irin wannan hali daidai ne a rubuta cewa an haife shi wajajen shekara kaza, maimakon a ƙaga rana da wata. Sai kuma bambancin lissafi: shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, abin da ke tara shekara guda cikin kowace shekara 33. Don haka ya kamata a faɗi da wane lissafi aka ƙirga.

Rayuwar Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, tana nuna wannan da ma abin da ya fi shi. An haife shi a Kano cikin Oktoban 1929, ya rasu a birnin Alƙahira ranar 3 ga Yuli, 2017. A lissafin Miladiyya yana da shekara 87. A na Hijira kuwa haihuwarsa ta faɗo a 1348, rasuwarsa a Shawwal 1438, wato shekara 90. Duka biyun gaskiya ne, amma wanda ya rubuta ɗaya ba tare da bayani ba zai sa mai karatu ya zaci an yi kuskure.

Mai son rubuta tarihinsa yana da jerin muƙamai a gabansa: malamin makaranta, ɗan Majalisar Wakilai tun 1954, Ministan Ma'adinai da Wutar Lantarki a Jamhuriya ta Farko har zuwa 1966, shugaban Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a ta ƙasa, wakilin Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya inda ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata, sannan minista a ƙarshen mulkin Shehu Shagari a 1983. Duk waɗannan suna da gurbi, amma sakin layi ɗaya ya ishe su. Idan aka tsaya nan, takardar neman aiki aka rubuta, ba shaida ba. Abin da mutane suka fi riƙewa game da Ɗan Masani shi ne fasahar harshensa a Hausa da Turanci, da yadda ya riƙa nanata wa shugabanni batun adalci a kusan kowane taro, da yadda bai ɓoye cewa shi ɗan bayin gidan Madakin Kano ne ba, da kuma yadda ya ci gaba da halartar taruka yana jawabi da ka bayan ya rasa ganinsa. Waɗannan su ne ke fito da mutumin. Wanda ya karanta su zai gane cewa ba wani ake nufi ba sai shi.

Haka abin yake ga dattijon unguwa da bai taɓa shiga ofis ba. Cewa mutumin kirki ne mai haƙuri mai son zumunci magana ce da ake yi wa kowane mamaci, don haka ba ta ɗaukar nauyi ita kaɗai. Shaida tana yin ƙarfi idan an kawo aikin da ya tabbatar da halin. Idan limami ne, a faɗi tsawon lokacin da ya yi yana jan salla a masallacin, da littattafan da ya karantar a zaure, ko Ahalari ne ko Ishmawi ko Risala, da lokacin da yake zama. Idan mai unguwa ne, a faɗi irin rigingimun iyakar gona ko na aure da ake kashewa a ƙofar gidansa ba tare da an kai gaban alƙali ba. Idan ɗan kasuwa ne, a faɗi yaran da ya ɗauka ya koya wa sana'a har suka tsaya da ƙafafunsu. Hali biyu ko uku da aka kafa da hujja sun fi goma da aka jera. Kuma irin waɗannan bayanai ba a wurin 'ya'ya kaɗai ake samunsu ba. Matan marigayi, da abokan ƙuruciyarsa, da almajiransa, da maƙwabta, kowa ya san wani gefe na rayuwarsa, musamman matan, waɗanda aka fi mantawa da tambayarsu alhali su suka fi kowa sanin zamansa na cikin gida.

Akwai abubuwan da ake barin su ko da gaskiya ne. Bayan rasuwar mai kyauta ne ake gano gidajen da yake kai wa hatsi da dare, ko marayun da yake biya wa kuɗin makaranta. Ana iya ambaton aikin don a yi koyi, amma ba a kiran sunan waɗanda aka taimaka, domin shi kansa ya rufa musu asiri yana raye. Haka ma cutar ajali: cewa ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya ko doguwar jinya ya wadatar, kuma hoton mutum a gadon asibiti ko a cikin likkafani cin mutunci ne gare shi da iyalinsa. Maganar dukiya da gado ba ta da wuri a nan ko kaɗan. Abin da ya halatta a saka, kuma yana da amfani, shi ne roƙon duk mai bin marigayi bashi ko wanda ya ba shi ajiya ya tuntuɓi magada, tunda a shari'a biyan bashi yana gaban rabon gado.

Lissafin waɗanda ya bari shi ne sashen da ya fi haddasa ɓacin rai a gidan da ke da ɗakuna da yawa. Marubuci kan fito daga ɗaki ɗaya, sai ya ambaci 'yan ɗakinsu da muƙamansu, ya dunƙule sauran a cikin "da sauransu". Ana gane an yi wannan kuskure idan wasu 'yan'uwa suka yi shiru, suka ƙi yaɗa rubutun, ko suka fito da nasu daban. Mafita ita ce a zaɓi ɗaya cikin biyu: ko a faɗi adadin mata da 'ya'ya da jikoki ba tare da suna ba, ko a kawo kowa bisa tsarin haihuwa, maza da mata, ba tare da fifita mai digiri ko mai kuɗi ba. Matan da suka riga shi rasuwa suka bar 'ya'ya a gidan su ma a ambace su da addu'a. Kafin a fitar da rubutun, ya kamata babban gida ya gani, a kuma karanta wa aƙalla mutum ɗaya daga kowane ɗaki.

Ana rufewa da godiya ga waɗanda suka halarci jana'iza da waɗanda suka zo ko suka aiko da ta'aziyya, da neman yafiya a madadin marigayi daga duk wanda ya saɓa wa, sannan addu'a: Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba iyali haƙurin rashi. Marubuci yana roƙa masa Aljanna ne, ba ya yanke cewa ya shige ta, domin wannan hukunci na Allah ne. A ƙasa sai a sa sunan wanda ya rubuta a madadin iyali, da kwanan wata na Hijira da na Miladiyya.