Fim Ɗin Kammala Karatu: Daga Ranar Miƙawa Ake Fara Lissafi

Ɗalibi mai dabara kan ƙirgo ranakunsa da baya daga ranar miƙa fim. Idan mako takwas gare shi, huɗu na tacewa ne. Daga nan ya kulle hoto, domin ƙarin daƙiƙa ɗaya bayan haka kan sa magana ta saɓa wa motsin baki.

Gyaran launi a DaVinci Resolve, bisa ma'aunin Rec.709, mako guda ya isa. Sauti kuwa, wanda ɗalibai suka fi rainawa, a ba shi biyu, don ƙarar janareta ba ta fita da sauƙi. Makon ƙarshe a fitar da ProRes na ajiya da H.264 na malamai, a gwada a majigin zauren tun kafin ranar.