Ɗan Ajin da Ba Ya Jin Harshen Malami: Yadda Ake Karɓarsa da Bin Ci Gabansa

Manufar ilimi ta Najeriya, wadda aka fara fitarwa a shekarar 1977, ta tanadi a lokacin cewa a koyar da yara a azuzuwan farko na firamare da harshen uwa ko kuma harshen da ya fi rinjaye a yankin da makaranta take, wanda a galibin garuruwan Arewa Hausa ce. Wannan tanadi ya dace da mafi yawan yara, amma ya bar yaron da ya zo da wani harshe dabam, kamar Bafulatanin da iyayensa suka baro ruga suka zauna kusa da gari, ko Babarbaren da rikicin Arewa maso Gabas ya kawo Kano. An kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa a 1989, mai hedikwata a Kaduna, sai dai makarantunta ba su kai ko'ina ba, don haka ana samun 'ya'yan makiyaya a makarantun gari, inda malami da ɗalibai ba su jin Fulatanci. Babban aikin malami a nan shi ne ya rarrabe rashin harshe da rashin fahimta, domin alamominsu kan yi kama, alhali maganinsu ya bambanta.

Abu na farko da ake gani shi ne shiru. Masana koyon harshe na biyu suna kiran wannan mataki lokacin shiru, wato makonni ko watannin da yaro yake saurare yana tattara kalmomi kafin ya iya furta su. Shirun Bafulatani yakan fi na sauran yara tsawo a ido, domin tarbiyyar gidansu, wadda suke kira pulaaku, tana girmama kunya, kuma yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba yana nuna ladabi ne. Malamin da ya ɗauki wannan a matsayin taurin kai ko daƙiƙanci, ya tsayar da yaron gaban aji ya tilasta masa magana, yakan ƙara tsawaita shirun ne, musamman idan sauran yara suka yi dariya. Abin da ya fi amfani shi ne a ba shi damar amsawa da aiki, kamar ya nuna da yatsa, ya ɗaga abu, ko ya zana, sannan a sa shi cikin amsar da aji duka ke bayarwa tare, inda muryarsa ba za ta fito ita kaɗai ba.

Ana iya ɗaukar misalin yaro ɗan shekara bakwai da aka sa a aji biyu, wanda Fulatanci kawai yake ji. A makon farko malami zai zaunar da shi a layin gaba, kusa da ɗalibi mai haƙuri wanda zai nuna masa banɗaki da wurin shan ruwa da ma'anar ƙararrawa, kuma idan akwai wani a makarantar da ke jin Fulatanci, ko da a wani aji yake, sai a haɗa su a lokacin tara. Malamin da kansa zai nemi kalmomi kaɗan daga iyayen yaron, irin su war, wato zo, da ndiyam, wato ruwa, da deftere, wato littafi. Haka kuma zai tsaya kan lafazi ɗaya ga kowane umarni, domin idan yau ya ce "ku zauna", gobe ya ce "kowa ya nemi wuri", yaron zai ɗauka abubuwa biyu ne ake nufi.

Darasin lissafi ne ya fi saurin bayyana abin da yaron ya sani, domin ana iya gwada shi ba tare da dogon bayani ba. Idan aka tambaye shi da baki bakwai a tara da biyar nawa ne, ya yi shiru, ba a gano komai ba tukuna. Idan kuwa aka ajiye masa tsakuwa bakwai a gefe ɗaya, biyar a ɗaya gefen, aka yi masa alama ya haɗa, ya ƙirga da harshensa ya kai sappo e ɗiɗi, wato goma sha biyu, to an tabbatar ya iya tarawa, sunayen lambobin Hausa ne kawai ya rasa. Sanin tsarin ƙirgarsa ma yana taimakawa, domin a Fulatanci lambobin shida zuwa tara an gina su ne a kan biyar: jowi biyar ne, ɗiɗi biyu ne, bakwai kuwa joweeɗiɗi, wato biyar da biyu. Saboda haka kalmomin shida, bakwai, takwas da tara, waɗanda ba su nuna wannan gini, suna buƙatar maimaici fiye da na ƙasa da su.

Idan yaron ya fara magana, kurakuransa za su bi tsarin harshensa, kuma wannan alama ce ta ci gaba. Fulatanci ba ya rarrabe namiji da mace a nahawu, wakilin suna ɗaya ne, wato o, yake tsayawa a madadin shi da ita, don haka yaron zai ce "Malama ya zo". Harshen yana da ɓ da ɗ kamar Hausa, amma ba shi da ƙ, shi ya sa ƙafa takan fito kafa a bakinsa da kuma rubutunsa. Gyaran da ya fi tasiri shi ne malami ya maimaita jimlar daidai a cikin amsarsa, ya ce "Haka ne, Malama ta zo", ba tare da ya katse yaron ko ya nuna wa aji kuskuren ba.

Mataki mafi haɗari yana zuwa ne bayan yaron ya iya hira. Jim Cummins, masanin ilimi a Kanada, ya bambanta harshen hira, wanda yara baƙi kan samu cikin kimanin shekara biyu, da harshen karatu, wato na bayanin dalili da kwatanci da tambayar jarrabawa, wanda yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Yaron da ke faɗa da tsokana da Hausa a filin wasa yana iya kasa gane "mene ne bambancin" ko "kawo dalili", sai malami ya janye taimako da zaton an gama, sannan ya danganta faɗuwar yaron da lalaci. Lamarin yana ƙara nauyi idan darussa suka koma Turanci, wanda shi ne harshe na uku a wurinsa. Don haka ake koyar da kalmomin kowane darasi kafin a shiga darasin, da hoto ko da abin kansa, ana kuma sa yaron ya sake faɗin abin da ya gane, domin tambayar "ka gane?" ba ta samun amsa sai "e".

Duk da haka, ba kowace matsala ce ta harshe ba, kuma hanyar tantancewa ita ce a koma ga harshen gida. Idan iyaye suka ce yaron yana hira da ba da labari da kai saƙo daidai da tsararrakinsa a Fulatanci, to lokaci da koyarwa kawai yake buƙata. Idan kuwa a gidan ma ba ya waiwayowa in an kira shi daga baya, ko maganarsa ta yi ƙasa da ta ƙannensa, to sai a kai shi asibiti a duba jinsa, domin ciwon kunne mai zubar da ruwa yana rage ji. A wannan ganawa da iyaye ya kamata a gargaɗe su kada su daina yi masa Fulatanci da nufin ya yi saurin jin Hausa, domin abin da ya fahimta da harshen gida, na ƙirga ne ko na jeranta labari, shi ne zai sa wa sunayen Hausa daga baya, yayin da Hausar kanta yake samunta kullum a aji da filin wasa.