Burodi Zai Tashi: Yadda Ake Tsara Sanarwar Ƙarin Farashi Ga Tsofaffin Abokan Ciniki

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, rubuta sanarwar ƙarin farashi ya zama aikin da ɗan kasuwa a Najeriya ba ya iya kauce masa. Makonni kaɗan bayan haka aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, sannan a Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, ninki uku da ɗoriya. Mai gidan burodi, mai injin niƙa, tela da mai kamfanin ruwan leda duk sun ji a jikinsu. Da yawansu kuwa sun fi gwanancewa a lissafin ƙarin fiye da faɗinsa.

A ɗauki misalin wani gidan burodi a Kano da ke raba kaya kowace asuba ga masu shayi da masu shagunan unguwa. Buhun fulawa ya tashi a Kasuwar Singa, sukari da bota sun bi sahu, dole a ɗaga farashin sarin babban burodi daga naira 1,000 zuwa 1,150. Sanarwar farko da irin wannan gida kan tura a WhatsApp takan zo kamar haka: "Assalamu alaikum. Muna matuƙar baƙin cikin sanar da abokan hulɗarmu masu daraja cewa saboda halin da ƙasa take ciki, wanda kowa ya sani, ya zama dole mu ɗan yi gyara a farashin kayanmu nan ba da jimawa ba. Ba a son ranmu ba ne. Muna roƙon ku yi haƙuri, ku ci gaba da ba mu haɗin kai."

Ladabi dai ya cika, amma mai shayin da ya karanta bai ƙaru da komai ba. Bai san nawa za a ƙara ba, bai san ranar da za a fara ba, bai san ko ƙaramin burodi ma ya shiga ciki ba. Abin da zai yi shi ne ya tare yaron da ke kawo kaya da tambayoyi, yaron kuma ya amsa masa da abin da ya zo bakinsa. Kafin azahar an sami farashi uku suna yawo a unguwa ɗaya.

Gyaran farko shi ne a fito da lambobi da rana zuwa sama, daf da sallama. Tsohon farashi da sabo su zauna a jimla ɗaya, a naira, domin mai sari da naira yake lissafi, "kashi 15 cikin ɗari" kuwa ƙarin aiki ne a gare shi. Rana kuma a haɗa sunanta da kwanan wata, kamar "Litinin, 15 ga wata", saboda "mako mai zuwa" yana sauya ma'ana da zarar wani ya tura saƙon gaba bayan kwana uku. Tazarar da za a bayar ta dogara ga yadda abokin ciniki ke juya kuɗinsa. Mai shayi da ke sari kullum mako guda ya ishe shi ya sanar da nasa mutanen. Makarantar kwana ko otal da ke biya a ƙarshen wata na bukatar wata guda, tun da an riga an ware kuɗin watan da ake ciki. Manyan kamfanoni ma sun sha tuntuɓe a nan: a Afrilun 2024 MultiChoice ya sanar da ƙarin kuɗin DStv da GOtv saura kusan mako guda ya fara aiki ranar 1 ga Mayu, gajartar wa'adin kuwa na cikin abin da ya kai maganar gaban kotun kare haƙƙin masu sayayya a Abuja.

Dalili shi ne inda aka fi yin ɓarna, ko dai a taƙaita shi har ya zama fanko, ko a ja shi ya koma kuka. "Halin da ƙasa take ciki" ba dalili ba ne, don mai karatun ma a ƙasar yake. Abin da ke gamsarwa shi ne a ambaci kaya biyu ko uku da suka fi cin kuɗin aikin, waɗanda mai shago zai iya tabbatarwa da kansa in ya leƙa kasuwa. Sai dai lissafin ya riƙe ruwa. In fulawa ce rabin kuɗin da ake kashewa a kan burodi, ta kuma tashi da kashi 20 cikin ɗari, abin da ta ƙara wa burodin kashi 10 ne kawai. Wanda ya ɗora kashi 15 ya ce fulawa ce kaɗai, tsohon ɗan kasuwa zai gano gibin. Gara a faɗi gaskiya cewa ragowar daga sukari, bota da man motar rabo ta fito.

Akwai kuma tarkon dala. Wanda ya jingina ƙarinsa kacokan ga tashin dala ya ɗaure kansa, domin ranar da ta sauko za a zo masa da saƙonsa a hannu. Haka aka gani a Afrilun 2024, lokacin da naira ta farfaɗo na ɗan lokaci, mutane suka yi ta tambayar abin da ya hana kaya sauka.

Sashen da aka fi mantawa, alhali shi ne ke riƙe tsohon abokin ciniki, shi ne abin da bai canza ba. Mai sayen burodi ya saba da dabarar rage girma a ɓoye, don haka da ya ji ƙari zai fara auna burodin a tafin hannunsa. In nauyi yana nan yadda yake, a faɗa. Haka lokacin kawo kaya, da tsarin karɓar kaya yau a biya gobe, da karɓar kwantai in gidan yana yin haka. Sai maganar da ta fi haddasa rigima, wato kayan da suka faɗo a kan iyaka: bashin da ke ƙasa da odar da aka riga aka biya. Mai shagon da ake bin sa kuɗin burodi ashirin yana so ya ji da kunnensa cewa naira 20,000 zai biya, ba 23,000 ba. Abin da ba a so shi ne alƙawarin da ba a da iko da shi, irin "ba za mu sake ƙari ba bana".

In aka tace, sanarwar za ta koma haka: "Assalamu alaikum, Alhaji. Daga ranar Litinin, 15 ga wata, sarin babban burodi zai koma naira 1,150 daga 1,000. Dalili shi ne tashin fulawa, sukari, bota da man motar rabo. Ƙaramin burodi yana nan a farashinsa. Nauyi, lokacin kawowa da tsarin biya washegari ba su canza ba. Duk kayan da aka karɓa ko aka biya kafin ranar, a tsohon farashi za a lissafa. Mun gode da hulɗarmu. In akwai tambaya a kira manaja."

Tsawonta bai wuce na farkon da yawa ba, ban haƙurin ne ya ba lambobi wuri. Kafin a tura, yana da kyau a karanta wa yaron rabo ita sau ɗaya, a tambaye shi nawa ne sabon farashi, yaushe zai fara, me ya rage yadda yake. In ya yi tuntuɓe a ɗaya, da sauran gyara. Tun da masu shayi da yawa sun fi sauraro a kan karatu, sai a naɗi saƙon da murya da kalmomin nan dai, a liƙa takarda a ƙofar gidan burodin. Manyan dillalai kuwa, waɗanda ke ɗaukar kaya da yawa, maigida ya kira su da kansa kwana guda kafin saƙon ya fita, don kada su fara jin labarin a bakin yaransu.